Kafin a Fassara Mafarki, a Fara Tambayar Wane Iri Ne

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina, ɗan wani ƙauye a ƙasar Tsafe, ya tsaya bayan an tashi daga aji ya ce yana son ganina. Na ɗauka maganar maki ce, don ita ce ta fi kawo ɗalibai ofishinmu. Da ya zauna sai ya ce, "Malam, wata uku ke nan ba na barci." Abin da ke faruwa da shi, in ji shi, yakan farka gab da asuba ya ga ɗakinsa sarai, ga ƙofa ga taga, amma ya kasa ɗaga ko da yatsa. Sai ya ji an hau ƙirjinsa an danne, numfashi yana yi masa wuya, ya kuma ga wata mace tsaye a bakin ƙofa. Yana son yin salati harshe ya ƙi. Bayan ɗan lokaci sai abin ya sake shi. Ya kai kukansa wurin wani mai fassarar mafarki a nan Gusau, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya tambaye shi ko mahaifinsa na da wata matar. Da ya ce akwai, sai aka ce masa ai magana ta ƙare. Yaron nan ya zo wurina ne da niyyar tafiya gida ƙarshen mako ya tayar da rigimar da Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya.

Kowane Bahaushe ya san sunan abin da ke damunsa: dannau. Zan dawo kansa. Amma labarin ya sa na koma kan wani tarihi da nake ganin ya kamata masu karatu su sani, domin kuskuren da mai fassarar nan ya yi, kuskure ne da masana mafarki suka yi shekara kusan dubu biyu suna gargaɗi a kansa. Ya yi tsalle ya faɗa kan ma'ana, bai tsaya ya tantance ko abin da aka kawo masa yana cikin mafarkan da ake fassarawa ba.

Mu fara da ƙasar Girka. A wani wuri da ake kira Efidaurus akwai ɗakin bauta na Asklibiyos, wanda Girkawa suka ɗauka shi ne ubangijin warkarwa. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) marasa lafiya ke yin tattaki zuwa can daga garuruwa masu nisa. In mutum ya isa sai ya yi wanka, ya miƙa abin yanka, da dare kuma a shigar da shi wani dogon zaure da aka keɓe don barci, ya kwanta tare da sauran majinyata. Abin da ake jira shi ne ya yi mafarki an zo an yi masa magani, ko an gaya masa abin da zai sha. Da safe sai ya ba masu hidimar wurin labari. Waɗanda suka warke an sassaƙa labarinsu a jikin allunan dutse, kuma kimanin saba'in daga cikin labaran sun iso gare mu. Ɗaya daga ciki na wata mata ce mutuniyar Atina mai suna Ambrosiya, mai ido ɗaya, wadda ta zagaya tana karanta labaran tana dariya. Da ta kwanta sai ta yi mafarki an tsaga idon an zuba magani, aka kuma ce ta kawo alade na azurfa a matsayin tarar rashin yardarta. Allon ya ce ta fita tana gani.

Mai karatu zai lura da abin da allunan ba su faɗa ba. Babu sunan wanda ya zo da ido ɗaya ya koma da ido ɗaya. Masu ɗakin bautar ne suka zaɓi abin da za a sassaƙa, kuma sun zaɓi abin da zai jawo wasu baƙin. Wannan ɗabi'a ba ta mutu tare da Girkawa ba. Duk wanda ya taɓa zama majalisa ya ji labarin mafarkin da ya tabbata, amma da wuya ka ji wani ya ce ya yi mafarkin mutuwar ƙaninsa shekara ashirin da suka wuce, ga shi nan kuma har yau yana noma. Mafarkin da bai tabbata ba ba ya samun mai ba da labarinsa.

A wannan zamani dai, cikin littattafan likitanci da ake jingina wa Bukuraɗ, wato Hippocrates, akwai wani babi da ya ɗauki wata hanya dabam. Marubucin ya yarda akwai mafarkin da ke zuwa daga sama, ya ce wannan a bar wa masu shi. Amma akwai wanda jiki ne ke magana, kuma likita zai iya karanta alamar cuta a cikinsa ya gyara wa mutum abinci da motsa jiki. Arisɗo ya ƙara gaba, ya ce ɗan abin da ya taɓa mai barci kan girma a mafarkinsa: ɗan ɗumi a wata gaɓa sai ya ga yana tafiya cikin wuta. Ke nan tun a lokacin an fara raba mafarki gida-gida.

Wanda ya fi kowa tsara wannan rabo a tsohuwar duniya shi ne Artemidorus, mutumin yankin da yau yake cikin Turkiyya, wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya ya kuma bar littafi mai juzu'i biyar. Ya yi yawo kasuwa-kasuwa yana sauraron masu duba yana tattara mafarkai da abin da ya biyo bayansu. Abu na farko da ya koya wa ɗansa shi ne bambanci tsakanin mafarkin da ke nuna halin da mutum yake ciki, kamar mai jin yunwa da ya ga yana cin abinci, da wanda ke nuni ga abin da zai zo. Na farkon ba shi da fassara. Na biyun ma, in ji shi, ba a fassara shi sai an san mai shi: sana'arsa, shekarunsa, lafiyarsa, al'adar garinsu. A ƙarni na 9 aka juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza, ana kuma danganta aikin ga Hunainu ɗan Ishaƙ.

Musulmi ba su jira Artemidorus ba kafin su san wannan rabo. Hadisi ingantacce ya kasa mafarki uku: na gari wanda bushara ce daga Allah, da wanda Shaiɗan ke jefawa don ya baƙanta rai, da kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. An kuma koyar da cewa mummunan mafarki ba a yaɗa shi: mutum ya nemi tsari, ya yi tofi ta hagu, ya juya kwanciya. A Suratu Yusuf ma mun ga fadawan sarkin Masar sun ce abin da ya gani tarkacen mafarki ne. Sun yi kuskure a wannan karon, amma maganarsu ta nuna cewa kowa ya san akwai tarkacen.

Sunan da ya fi shahara a wannan fanni a wurinmu shi ne Muhammadu ɗan Sirina, tabi'i mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Babu mai shimfiɗa littattafan addini a kasuwar Gusau da za ka rasa littafin fassarar mafarki mai ɗauke da sunansa a tabarmarsa, na Larabci ko wanda aka juya zuwa Hausa. Sai dai masu bincike sun daɗe da nuna cewa babban littafin da ake bugawa da sunansa ba shi ya rubuta shi ba. Wasu malamai ne na ƙarnonin baya suka tattara, aka liƙa sunansa don darajarsa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda ake amfani da littafin. Ana buɗe shi kamar ƙamus, a duba maciji a ga abokin gaba, a duba faɗuwar haƙori a ga mutuwar dangi, a rufe. Alhali labarin da aka fi ruwaitowa daga Ibn Sirina kansa yana rushe wannan hanya. An ce mutum biyu sun zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce ya dubi siffar kowannensu ne: na farko ya tuna masa da ayar kiran mutane zuwa hajji, na biyu kuma da ayar mai shelar da ya kira ayarin 'yan'uwan Annabi Yusuf ɓarayi. Mafarki ɗaya, fassara biyu, saboda mutanen biyu ne.

Ƙasarmu ta gaji wannan ilmi da nauyinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya rubuta da kansa abin da aka nuna masa yana ɗan shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Amma duk wanda ya karanta littattafan da Shehu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka kafa hujjar jihadi da su, zai ga da aya da hadisi da maganganun malaman fiƙihu suka kafa ta. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. In kuwa ba a gina hukuncin shari'a a kansa, ban ga yadda za a gina tuhumar maita ko sammu a kan matar uba da shi ba.

Zan tsallake Sigmund Freud da sauri, ko da yake ɗalibanmu na adabi suna ƙaunarsa. Littafinsa na fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899, inda ya ce kowane mafarki biyan wata buƙata ce da zuciya ta ɓoye, ta fito cikin ɓad-da-kama. Ya mayar da hankalin mutane daga gobe zuwa jiyan mai mafarkin, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya faɗa ramin da masu allunan dutse suka faɗa. Duk fassarar da ya bayar babu yadda za a gwada ta a ce ta faɗi, domin in majinyaci ya yarda an ce ta tabbata, in ya musa a ce musun nasa ma shaida ne.

Abin da ya sauya lamarin na'ura ce. A 1929 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya wallafa yadda ake ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta hanyar manna wayoyi a fatar kai. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, a Jami'ar Shikago, wani ɗalibin digiri na uku mai suna Eugene Aserinsky, a ƙarƙashin malaminsa Nathaniel Kleitman, ya manna wa ɗansa mai shekara takwas irin waɗannan wayoyi a kai da gefen ido ya bar shi ya yi barci. Cikin dare alƙaluman na'urar suka fara rawa kamar yaron ya farka yana dube-dube. Da ya leƙa sai ya tarar yana sharar barci, idanunsa ne kawai ke kai-komo a ƙarƙashin fatar ido. A 1953 suka wallafa sakamakon. Wannan mataki na barci shi ne likitoci ke taƙaita sunansa da REM. Mu kira shi barcin motsin ido.

Daga nan William Dement da Kleitman suka bi diddigi. Suka riƙa tayar da masu barci a lokuta dabam-dabam suna tambayarsu abin da suke gani. A rahotonsu na 1957, wanda aka tayar cikin barcin motsin ido, kusan sau takwas cikin goma yakan ba da labarin mafarki, wanda aka tayar a wani matakin kuwa bai kai sau ɗaya cikin goma ba. Bincike na baya ya nuna ana yin mafarki a sauran matakan ma fiye da yadda suka zata, sai dai mafi tsawo da armashi yana cikin wancan. An kuma gano cewa barci zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. A zagayen farko barcin motsin ido gajere ne, bai fi minti goma ba. Na gab da asuba kan kai rabin awa ko fiye. Shi ya sa mafarkin da muka fi tunawa na ƙarshen dare ne, da na wanda ya koma ya kwanta bayan sallar asuba.

Guntun da ya fi shafar ɗalibina daga Faransa ya zo. A birnin Liyon, Michel Jouvet ya gano a 1959, a jikin kyanwoyi, cewa idan aka shiga wannan mataki tsokokin jiki kan saki gaba ɗaya. Wani sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa ke aika umarni a kulle su, sai tsokar ido da babbar tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu kaɗai ake bari suna aiki. Da ya lalata wannan sashe a wasu kyanwoyin, sai ga su suna tashi cikin barci suna farautar ɓeran da babu shi. Ashe kullewar rahama ce, ita ke hana mai mafarkin gudu ya tashi ya afka wa bango.

To, dannau shi ne lokacin da hankali ya farka kafin a buɗe makullin. Ido na gani don ba a kulle shi ba. Hannu da harshe sun ƙi motsi don har yanzu umarnin bai janye ba. Nauyin ƙirji kuwa, tsokokin haƙarƙari da mutum ke jan dogon numfashi da su suna cikin waɗanda aka saki, saboda haka in tsoro ya sa ya nemi jan iska da ƙarfi sai ya ji kamar an ɗora masa buhu, alhali iskar da yake buƙata tana shiga. Ita kuma siffar da ke bakin ƙofa, ragowar mafarki ce ta zubo cikin ɗaki na gaskiya, ƙwaƙwalwar da ke cikin firgita kuma takan ba inuwa fuskar wanda ta riga ta tsarga. Wani nazari da ya haɗa bincike sama da talatin a 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa samun dannau, a tsakanin ɗalibai kuwa kusan 28 cikin 100. Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, kwanciya rigingine, da damuwa.

Sai na yi wa ɗalibin nan tambayoyin da ya kamata a fara yi masa. Yaushe yake kwanciya? Ya ce tun da jarrabawa ta matso ba ya kwanciya kafin ƙarfe biyu, da shayi mai kauri da goro yake tsare ido, ya tashi biyar. Barcin awa uku ke nan, kuma sananne ne cewa wanda aka tauye wa barcin motsin ido, jikinsa kan rama da ƙarfi da zarar ya samu dama. Yaya yake kwanciya? Rigingine, saboda zafi. Yaushe abin ya fara? Ya yi shiru, sannan ya ce makon da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke kusa da nasu, ya kwana biyu bai samu mahaifiyarsa a waya ba. Matar uban nasa kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan tana gidan, bai taɓa ganin ta a bakin ƙofa ba sai yanzu. Na tambaye shi kuma ko a daren farko ya gane fuskar. Ya ce a'a, inuwa ce kawai. Bayan ya dawo daga wurin mai fassara ne ta zama ita.

Kada a fahimce ni da cewa ɗakin gwaji ya warware komai. Wanda aka kwantar a irin wannan ɗaki, ana manna masa wayoyi a kai da gefen ido da haɓa, a ɗaura masa ɗamara a ƙirji da ciki, a maƙala abin auna iskar jini a yatsa, da safe ma'aikaci ya bi rikodin daƙiƙa talatin-talatin yana rubuta matakin da ake ciki. Na'urar za ta gaya maka lokacin da mutum ya fi yiwuwa yana mafarki, amma ba za ta gaya maka abin da ya gani ba, sai an tashe shi an tambaya, kamar dai yadda masu hidima suke yi a Efidaurus. Daren farko ma ba a cika dogara da shi ba, don baƙon gado kan ɓata barci. Dalilin yin mafarkin kansa har yau masana na jayayya a kai. Batun mafarkin bushara kuwa ba abin da waya za ta tabbatar ko ta kore ba ne, kuma mai gaskiya a cikin masu binciken ba ya da'awar haka. Abin da ɗakin gwaji ya iya shi ne faɗaɗa sanin kason nan da magabata suka ce ba shi da fassara, ya kuma nuna cewa a cikinsa akwai wanda likita ya kamata a kai wa.

Uku daga ciki sun cancanci a san su. Idan dannau ya haɗu da barcin da ke kwashe mutum da rana tsaka ba shiri, ko gwiwoyinsa su saki in ya yi dariya, wannan wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake sarrafawa da magani. Idan kuma akasin dannau ne, wato dattijo ya fara kai naushi da harbi cikin barci yana aikata abin da yake mafarki har ya ji wa matarsa ciwo, to makullin ne ya lalace, kamar na kyanwoyin Jouvet. Likitoci a jihar Minnesota ta Amurka, Carlos Schenck da Mark Mahowald, suka bayyana wannan a 1986, kuma bin diddigin da aka yi ya nuna da yawa daga masu shi kan kamu da cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ko danginta, bayan shekaru. Na uku shi ne ya fi yawa a wurinmu yanzu. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar dubban da suka baro ƙauyukan Tsafe da Bungudu suka fake a Gusau, yakan riƙa maimaita mafarki guda, dare bayan dare, da ƙarar babura da gudu da kuka. Wannan ba ishara ba ce cewa za a sake dawowa. Rauni ne na abin da ya riga ya wuce, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na da hanyar rage shi, ciki har da sa mutum ya sake tsara labarin mafarkin da rana, ya ba shi wani ƙarshe, ya riƙa bitarsa a zuci na 'yan mintuna kullum. Wanda ya ce wa irin wannan baiwar Allah mafarkinta gargaɗi ne, ya ƙara mata dare marar barci ne kawai.

Shi dai ɗalibina mun yi yarjejeniya ta mako biyu kafin ya je gida. Ya daina shayi da goro bayan la'asar, ya kwanta ƙarfe sha ɗaya, ya kwanta ta gefen dama da addu'o'insa kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ya sa matashi a bayansa don kada ya juye. In abin ya zo, kada ya yi kokawa da shi, ya mayar da hankali kan motsa ɗan yatsa guda yana numfashi a hankali. Na kuma ce ya je ya ga likita saboda maganar ƙauyen, don wannan ya fi ƙarfin malamin jami'a. A makon farko abin ya zo masa sau biyu, a na biyu sau ɗaya, kuma ya ce a wannan karon babu kowa a bakin ƙofar, rigarsa ce da ya rataye a ƙusa. Ya je gida hutun ƙarshen zango, ya dawo mini da ƙullin gyaɗa, ya ce matar babansa ce ta ce a kawo wa malaminsa.